Sarƙa uku a faifai ɗaya: yadda ake gane lu'ulu'u da yadda ake riƙe shi

Gwaggona Hajiya ta zo gidana a Bukoki da wani ƙunshi a bakin zane. Bikin ɗiyarta ya matso, tana so ta fitar da sarƙa ɗaya ta lu'ulu'u ta sa a kayan amarya, amma ba ta so ta ji kunya a gaban dangin miji. Ta san aikina ke nan, shirya tsakiya da murjani da sake wa sarƙoƙi zare, shi ya sa ta zazzage su a faifai ta ce: "Ɗiyata, duba mini. Wace ce ta gaskiya a cikinsu?"

Sarƙa uku ne. Ta farko a Babbar Kasuwa ta saye ta bara, fara tas, kowane ƙwaya daidai da ɗan'uwansa. Ta biyu tsarabar aikin Hajji ce daga Jidda, ƙwayoyinta ba su cika zagaye ba, launinsu ya ɗan yi ja-ja kamar cikin kunne. Ta uku marigayi mijinta ne ya kawo mata daga Dubai sama da shekara ashirin da suka wuce, ta yi rawaya, ƙyallinta ya dusashe. Ita a ranta ta farkon ce mai daraja, don ita ta fi ɗaukar ido.

Kafin in shiga bayani, bari in kawar da wani ruɗani. A bakin Hausawa da yawa "lu'ulu'u" ya haɗa har da daiman da duk wani dutse mai walƙiya. Wanda nake magana a kai shi ne na asalin kalmar Larabci, wanda Suratur Rahman ta ambata tare da murjani a matsayin abin da ke fitowa daga ruwa. Ba haƙo shi ake yi daga ƙasa ba. Wata halitta ce mai rai take yin sa a cikin jikinta, kuma duk abin da zan faɗa, na ganewa da na kulawa, daga nan ya samo tushe.

Halittar ita ce ƙumba, wato abin ruwan nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa yana rufewa. Wanda ya taɓa tsintar ɓawonta a bakin kogi ya san cikinsa yana da santsi da wani ƙyalli mai sauya launi. Wannan abin da ya lulluɓe cikin ɓawon shi masu sana'a ke kira nakar. Idan wani abu ya raunata ƙumba, galibi wata ƙaramar tsutsa ko rauni a gefen ɓawo, har wani ɗan yanki na fatar da ke fitar da nakar ya shige cikin namanta, sai fatar ta zama ƴar jaka, ta ci gaba da aikin da ta saba, tana zuba nakar shimfiɗa bisa shimfiɗa. Bayan shekaru sai a sami ƙwaya. Labarin da ake yawan bayarwa cewa ƙwayar yashi ce ke shiga, masana ba su cika yarda da shi ba, don ƙumba a cikin yashi take rayuwa kuma ta iya tofar da shi.

Shi nakar ɗin, ƙananan faifai ne na wani ma'adini mai suna aragonit, dangin alli da ɓawon ƙwai, an jera su kamar tubalin gini, da wani danƙo na furotin a tsakaninsu maimakon laka, da ɗan ruwa kaɗan. Kowane faifai kaurinsa wajen rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne. Haske yana ratsa waɗannan shimfiɗu ya dawo, shi ya sa ƙyallin lu'ulu'u yake kamar daga ciki yake fitowa.

To, tambayar Gwaggo, "wace ce ta gaskiya", a zahiri tambaya biyu ce aka cusa a ɗaya. Ta farko: abin da ke saman ƙwayar nan nakar ne ko fenti? Wannan ana iya amsa ta a tsakar gida. Ta biyu: idan nakar ne, ƙumbar ce ta fara shi da kanta ko hannun mutum ne ya sa ta? Wannan ba a amsa ta da tabbaci sai a ɗakin bincike. Yawancin cutar da ake yi a kasuwa a tsakanin tambayoyin nan biyu take ɓuya. Mai sayarwa zai ce "na gaskiya ne", kuma bai yi ƙarya ba, amma mai saye ya ji kamar an ce na halitta ne.

Misalin da na ba Gwaggo shi ne kifi. Akwai kifin da masunta suka kamo a kogin Isa, akwai kifin kiwo na tafki. Dukansu kifi ne. Lu'ulu'un halitta shi ne kifin kogi, na kiwo shi ne kifin tafki, na kwaikwayo kuwa kifin roba ne na wasan yara. Shi kuma "na ruwan daɗi" da ake ji, ba wani jinsi na huɗu ba ne da ke tsaye shi kaɗai. Bayani ne na inda ƙumbar ta rayu, tafki ko kogi maimakon teku. Kusan duk na ruwan daɗin da ke kasuwa a yau na kiwo ne.

Muka fara da sarƙar Babbar Kasuwa. Na ce ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta goga a hankali a gefen haƙorinta na gaba. Ta kai wa haƙorin Makka, na ce a'a Gwaggo, zinari ba ya jin komai, sai haƙorin da Allah ya ba ki. Ta goga ta ce sumul, kamar tangaran. Ta goga ta Jidda, ta ɗan yamutsa fuska ta ce wannan kamar akwai ƴar ƙasa-ƙasa. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane sauƙi. Gefunan faifan nakar ba su haɗu sumul ba, suna da ƴan matakai da ido ba ya gani amma haƙori yana ji. Fenti kuwa a narke aka zuba shi, ya bushe ba tudu ba gangare. Ba cizo ake yi ba, gogawa ce mara ƙarfi. A shago, inda mai kaya ba zai so ki kai hajarsa baki ba, ki goga ƙwaya biyu da juna. Nakar da nakar suna ɗan cijewa, wani lokaci har da ɗan farin gari da ke gogewa da yatsa. Na kwaikwayo zamewa suke yi.

Gwaggo ta yi gardama. Ta ce ai sarƙar tana da nauyi, kuma in ta sa ta a wuya da safe sanyi take ji, an kuma ce mata haka na gaskiya yake. Gaskiyarta rabi ce. Sarƙa mai tsawon santimita 45 da ƙwayoyi masu faɗin milimita 7 tana ɗaukar ƙwaya wajen sittin. In lu'ulu'u ne, kowane ɗaya ya kusa rabin giram, duka sarƙar ta doshi giram talatin a sikelin maƙerin zinari. In roba ce ba za ta kai rabin haka ba. Amma gilashi nauyinsa kusan ɗaya ne da na lu'ulu'u, kuma shi ma yana da sanyi a fata. Nauyi da sanyi suna kama roba, ba sa kama gilashi. Tata gilashi ce.

Inda asiri ya fi tonuwa shi ne bakin huda. Na ja ƙwaya biyu na raba su, na ba ta ɗan madubin nan mai ƙara girma sau goma da masu gyaran agogo da salula ke amfani da shi. A bakin hudar fenti ya taru ya yi ɗan kumburi, a wani wurin kuma ya ɓare kamar fatar albasa, ana hango farin gilashi a ƙasa. Hudar lu'ulu'u na gaske ƙarama ce, bakinta a yanke tsaf, domin da nauyi ake kimanta shi, mai hudawa ba ya so ya ɓarnatar. In aka duba jikin ƙwayar da madubin, nakar yana nuna wasu layuka masu lanƙwasa kamar zanen yatsa, fenti kuwa yana nuna ƙuraje-ƙuraje daidai wa daida ko'ina.

Sai kuma abin da ya ruɗe ta tun farko, wato kyau. Ƙwaya sittin, girma ɗaya, launi ɗaya, ba tabo ko ɗaya. Ƙumba ba inji ba ce. Sarƙar lu'ulu'u na gaske da ta kai wannan daidaito akwai ta, amma ba a kuɗin da Gwaggo ta biya ba.

Ni ba na raina na kwaikwayo. Sana'a ce tsohuwa. Tun ƙarni na 17 wani mai yin carbi a Paris, Jacquin, ya gano cewa ƙyallin ɓawon wani ƙaramin kifi, in aka tace shi aka shafa wa gilashi, yana kama da lu'ulu'u. A tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen an shafe sama da shekara ɗari ana yin irinsa, ana tsoma gilashi a ruwan shafi sau da yawa, kuma suna sayar da shi da sunansa. Akwai kuma wanda ake yi da ɓawon ƙumba, a gyara shi ya yi zagaye a shafe shi da fenti, mai sayarwa ya ce ai daga teku ya fito. Daga teku ɓawon ya fito, amma abin da ido ke gani fenti ne. Na kwaikwayo ba ya zama jabu sai ranar da aka sayar da shi da sunan wani abu.

Sarƙar Jidda ta ci gwajin haƙori. Gwaggo ta ce mai shagon ya rantse mata cewa "ɗabi'i" ne. Na juya ƙwayoyin a tafin hannu. Wasu kamar ƙwai, wasu kamar ƙaramin dankali, wasu da zobe-zobe a kewaye da cikinsu kamar an ɗaura musu zare suna girma. Launin ruwan hoda mai ɗan ja, wasu sun karkata zuwa shuɗi-ja. Wannan siffa da wannan launi na lu'ulu'un kiwo na ruwan daɗi ne, kuma kusan dukkansa daga ƙasar Sin yake fitowa. Babbar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang, daga can yake bazuwa zuwa Dubai da Jidda, ya iso Yamai a jakunkunan alhazai da ƴan kasuwa.

Yadda ake yin sa shi ke bayyana siffarsa da arharsa. Ana buɗe ƙumbar tafki kaɗan, a yi ƴan tsage-tsage a fatarta, a cusa ƙananan yankan fatar wata ƙumbar a kowane tsagi, ba tare da an sa wata ƙwaya a ciki ba. Ƙumba ɗaya tana iya ɗaukar ashirin zuwa talatin a lokaci guda. A mayar da ita ruwa shekara biyu zuwa shida ko bakwai. Tun da ba a ba ta wani zagayayyen abu da za ta bi ba, sai ƙwayar ta fito yadda ta ga dama. Amma saboda wannan dalilin ne kuma ƙwayar take zama nakar tun daga sama har tsakiya. Ba ta da wani ɓawo da zai ɓare. Yanzu dai manoman Sin suna yin wani iri manya-manya masu zagaye da ake sa wa ƙwaya a ciki, don haka zagaye kaɗai ba ya nuna cewa abu na teku ne.

Mai shagon ya yi ƙarya ke nan? Wataƙila abin da yake nufi shi ne ba roba ba ne. Amma a harshen masu wannan sana'a, "ɗabi'i" na nufin wanda hannun mutum bai taɓa ƙumbarsa ba, kuma tazarar kuɗi tsakanin biyun ba kaɗan ba ce.

Ta uku ita ta fi ɗaukar mana lokaci. Ƙwayoyin zagayayyu ne sosai, wajen milimita 7, sun ci gwajin haƙori, kuma duk da rawayar da suka yi, waɗanda ke gaban sarƙar har yanzu in ka duba kana ganin inuwar taga a jikinsu. Muka shiga ɗaki na rufe ƙofa, na kunna tocilar salula na ɗora ƙwaya ɗaya a bakin hasken ina juya ta. A wani juyin haske ya ratsa, ana ganin wasu layuka miƙaƙƙu a jere a cikinta, a wani juyin kuma ta yi duhu. Waɗannan layukan ba na lu'ulu'un ba ne, na ƙwayar da aka dasa a ciki ne, wadda aka sassaƙa daga ɓawon ƙumba mai kauri. Da na leƙa hudar da madubi, ga iyaka nan a fili: siririn nakar a sama, ɗan layi mai duhu, sai farar ƙwaya a ƙasa.

Wannan shi ne na kiwo na teku, kuma girmansa da zagayensa sun yi daidai da irin da ake kira akoya, wanda Japan ta shahara da shi. Mikimoto Kokichi ya fitar da na farko a 1893, rabin ƙwaya ne manne da ɓawo. Dabarar samun cikakken zagaye ta zo bayan haka, a farkon ƙarni na 20, daga aikin wasu ƴan Japan biyu, Mise da Nishikawa. Ana yi wa ƙumbar teku ƴar tiyata, a sa zagayayyar ƙwaya tare da ɗan yankin fata, ita kuma ta lulluɓe ta da nakar. A akoya, kaurin lulluɓin sau da yawa bai wuce rabin milimita ba, a masu arha ma bai kai haka ba. Manyan farare da masu ruwan zinari na Ostareliya da Indunusiya da Filifin, da masu duhu na Tahiti, su ma haka ake dasa su, sai dai ƙumbarsu babba ce, lulluɓinsu ya fi kauri nesa ba kusa ba.

A nan akwai wata zamba da ta kamata a sani. Ana rina na ruwan daɗi ya yi baƙi a sayar da sunan na Tahiti. Na Tahiti da wuya ya gaza milimita 8, kuma duhunsa yana da kore ko toka-toka a ciki, ƙwaya ta bambanta da ƙwaya. Idan aka ga ƙanana, baƙi iri ɗaya, kuma launi ya taru ya yi kauri a bakin huda ko ya ɓata zaren, rini ne.

Sai Gwaggo ta yi tambayar da nake jira: "To, na halittar fa, da mi ake gane shi?"

Ba a gida ba. Haƙori ba ya bambanta shi da na kiwo, don saman duka biyun nakar ne. Tocila tana iya nuna cewa akwai ƙwaya a ciki, amma rashin ganin layuka ba hujja ba ce, tun da na ruwan daɗi ma ba shi da su, na teku mai kaurin lulluɓi kuma yana ɓoye su. Abin da ke raba gardama shi ne hoton ciki, irin wanda muke cewa radiyo a asibiti, amma da na'urar da aka yi don wannan aiki. Na halitta yana nuna zobe cikin zobe har tsakiya kamar an yanka albasa. Na dashen ƙwaya yana nuna babban dunƙule da siririn lulluɓi. Na ruwan daɗi galibi yana nuna wani ɗan gurbi mai lanƙwasa a tsakiya, inda yankin fatar ya zauna. Cibiyoyi irin su GIA a Amurka, SSEF a Suwizalan da DANAT a Baharain su ke yin wannan bincike su ba da takarda.

Baharain kuwa ba da wasa ta shiga zancen ba. Ƙarnuka da dama tekun da ke tsakanin Larabawa da Farisa shi ne matattarar lu'ulu'un halitta. Masu nutso suna sauka da dutse a ƙafa da matsewa a hanci, a buɗe ƙumba ɗaruruwa kafin a dace da ƙwaya mai kyau ɗaya. Na kiwo daga Japan da karyewar tattalin arzikin duniya a shekarun 1930 suka durƙusar da sana'ar, man fetur ya kwashe ma'aikatan. Har yau dokar Baharain ta hana cinikin na kiwo a cikin ƙasar. Don a gane girman abin da ya faru: a 1917 kamfanin Cartier ya karɓi wani katafaren gida a New York a musayar sarƙa mai layi biyu ta lu'ulu'un halitta da aka kimanta dalar Amurka miliyan ɗaya. Da aka yi gwanjon sarƙar a 1957, kuɗin da ta kawo bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Daga baya na halitta ya sake yin tsada ƙwarai saboda ƙarancinsa. Hukuncina dai a kasuwa shi ne, duk sarƙar da aka ce ta halitta ce kuma babu takardar ɗaya daga irin waɗannan cibiyoyi, ta kiwo ce, kuma kuɗin ta kiwo za a biya.

Muka dawo kan abin da ya fi damun Gwaggo bayan ta gane cewa tsohuwar sarƙar mijinta ita ce mai tsada a cikin ukun: mi ya kashe ta? Na nuna mata ƙwayoyin bayan wuya, kusa da maɗauri. Huɗu daga ciki sun zama fari fat kamar alli, biyu ma lulluɓin ya cinye har ƙwayar ciki ta leƙo. Na tambaye ta yadda take shiri in za ta fita. Ta ce kamar kowa: ta shafa mai, ta sa kaya da sarƙa, ta fesa turare a wuya, ta shafa humra, ta tsaya a kan kasko hayaƙin turaren wuta ya kama jiki. In ta dawo ta cire ta jefa a cikin gwangwani tare da zinarinta.

Kowane mataki a nan duka ne ga nakar. Ma'adinin da aka yi shi da shi ba ya jure tsami, duk wanda ya taɓa ɗiga lemun tsami a kan alli ya ga yadda yake tafasa. Gumi yana da ɗan tsami da gishiri, kuma a zafin Afrilu na Yamai, da ma'auni ke haura 40, bayan wuya ba ya bushewa. Turaren fesawa yana busar da danƙon da ke riƙe faifan, mai da humra da hayaƙi suna shiga su zauna su rina shi rawaya. Mayukan sauya launin fata da yawa suna ɗauke da sinadarai masu tsami, su ma ci suke yi. Lalle kuwa in ya kama, ya kama ke nan. Ƙyallin da tsami ya cinye ba ya dawowa da wanki, domin ba datti ne ya rufe shi ba, saman ne ya tafi. A ƙwayar ruwan daɗi akwai sauran nakar a ƙasa. A akoya, bayan wannan rabin milimita babu komai sai farar ƙwaya.

Saboda haka tsarin shiri ne zai sauya. A gama shafa, a gama fesawa, a gama turara jiki da tufafi, a bari su sha iska, sannan a ɗaura sarƙa. In an dawo, ita ce farkon abin da za a cire, a goge ta da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi kafin a ajiye. Danshin yana da dalili a ƙasarmu. A ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa goma, lu'ulu'u yana tsakanin 2.5 da 4.5, yashin da ke cikin ƙurar hunturu kuwa yana kan 7. Wadda ta murje sarƙa mai ƙura da busasshen gefen zane, ta goge ta da yashi ne ba ta sani ba. Haka ma gwangwanin kayan ado: bakin ɗan kunne, maɗaurin awarwaro, duwatsun zobe, duk suna karce shi. Ƴar jakar auduga tata ita kaɗai ta ishe ta.

Bushewa ma illa ce, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Ɗan ruwan da ke cikin nakar in ya ƙafe, saman yana yin ƙananan tsage-tsage. Kada a ƙulle lu'ulu'u a leda shekara da shekaru a ƙasan akwati a ɗakin kwano, kada a bar shi a mota ko a bakin taga. A watannin hunturu, sawa lokaci-lokaci a fata mai tsabta ya fi masa alheri a kan ɓoyo.

In wanki ya zama dole, ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun jarirai, a tsoma ƙyalle a bi ƙwaya ɗaya-ɗaya, a sake bi da ruwa zalla. Ba a jiƙa sarƙar gaba ɗaya, don zaren yana shan ruwa ya kai shi cikin huda. A shimfiɗa ta a tawul a inuwa ta kwana ta wuni, kada a rataye ta, jiƙaƙƙen zare miƙewa yake yi. Omo, jabel, toka, man goge baki da buroshi duk ba sa kusantarta. Wanda zai kai ɗan kunne ko zobe mai lu'ulu'u wurin maƙeri don a wanke zinarin, ya ce a cire ƙwayar tukuna, domin ruwan da suke wanke zinari da shi da wutar da suke hurawa suna gamawa da ita nan take. Gwajin da wasu ke yi na ƙona ƙwaya da ashana ko jefa ta a ruwan tsami kuwa, ko ya nuna gaskiya, ya riga ya lalata abin da ake tambaya a kai.

Saura zare, wanda shi ne ainihin aikina. Sarƙar lu'ulu'u da zaren alharini ake shirya ta, da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da ta kusa da ita. Ƙullin yana hana su cin juna a bakin huda, kuma ranar da zare ya tsinke a tsakiyar taron biki, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. A nan an fi shirya su da zaren kamun kifi ba ƙulli, don ya fi sauri. Alamar cewa lokacin sabon zare ya yi ita ce ƙullin ya yi baƙi, ko ƙwaya tana kai da komo tsakanin ƙulli biyu. Mai sawa kullum, shekara ɗaya zuwa biyu. Kada dai a ɗauki ƙulli a matsayin shaidar inganci, masu yin na kwaikwayo ma sun iya ƙulli.

Gwaggo ta yi shiru tana juya tsohuwar sarƙar. Daga baya ta raba su da kanta. Ta Jidda za ta shiga kayan amarya, don yarinya ce mai son turare kuma wannan ta fi jure wahala, amma a faɗa wa dangin miji sunanta na gaskiya. Ta gilashi ta riƙe ta don gidan biki, inda hayaƙi ba ya yankewa. Ta marigayi kuwa ta bar mini. Na tsinke zaren, na wanke ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, na fitar da huɗun da suka mutu, na mayar da masu ɗan rauni can baya kusa da maɗauri, masu sauran ƙyalli suka dawo gaba. Sarƙar ta ragu da wajen santimita uku, yanzu a kan ƙashin wuya take zama. Huɗun da na cire na ƙulle mata su a ɗan ƙyalle, ta ce in ba ta, ba za ta yar ba.